"Yanzu ina kake?" Tambayar da ta ɗaure ni a wajen ɗaurin aure

Abban Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ya same ni ranar Asabar, har yanzu yana cin raina. Shekara takwas na yi ina aiki a wani banki a nan Kano, uku ina kashiya, biyar a ɓangaren daidaita lissafi, wato kullum da yamma in tabbatar kuɗin da ya shiga da wanda ya fita sun dace da abin da ke rubuce. Aikin kwantiragi ne. Wata bakwai da suka wuce aka haɗe reshenmu da wani, aka sallame mu mu tara. Ba na son komawa banki. So nake in riƙe lissafi a wajen masu harkar riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau, don na ga yadda kuɗi ke yawo a can ba tare da rubutu mai kyau ba.

To ranar Asabar a wajen ɗaurin aure na haɗu da wani abokin mahaifina marigayi, mutumin da ke da sito a kasuwar. Muka gaisa, ya ce, "Yanzu ina kake?" Wallahi na san wannan ita ce damar da nake jira, amma sai na kama ba shi labarin yadda aka sallame mu, da yadda ba a ba mu ko sisi na sallama ba, da kuɗin makarantar yara. Na fi minti biyar ina magana, mutane na jiran su gaisa da shi. Da na gama ya sa hannu a aljihu ya ba ni dubu goma, ya ce Allah ya kawo mafita. Na karɓa don ba a mayar wa babba kyauta, amma na koma gida jikina a mace. Aiki na je nema, na dawo da sadaka. Me ya kamata in ce masa?

Nura Gwammaja: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita Abban Hanif. Ni dai shawarata kar ka ƙara faɗa wa kowa an sallame ka. Ka ce ka ajiye aiki ne don kana son shiga kasuwanci. Mutane ba sa son jin labarin wanda ya faɗi, mai nasara suke bi. Kuma ka buɗe shafin LinkedIn ka gyara shi sosai, yanzu can ake samun aiki.

Hajiya Maman Ilham: Nura, rabin maganarka daidai ne. Gaskiya ne ba a buɗe zance da kuka. Amma batun ya ce shi ya ajiye, a'a. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar ma'aikata a wata masana'anta a Sharaɗa, kuma duk wanda zai taɓa mana kuɗi sai na kira inda ya baro. A Kano ma ba sai an kira ofis ba, waya ɗaya Alhaji zai yi wa wani da ya sani a bankin ya ji komai. Ranar da aka kama shi da ƙarya ƙarama a kan dalilin barin aiki, babu mai ba shi makullin sito.

Abban Hanif, ka san abin da ɗan kasuwa ke fara rayawa in ya ji an sallami ma'aikacin banki? Ko kuɗi ne suka ɓata a hannunsa. Ba zai tambaye ka ba, kunya ba za ta bari ba, amma tambayar na nan a ransa. Don haka dalilin sallamar dole ya fito daga bakinka, cikin jimla ɗaya, kuma jimlar ta kashe wannan zargin: an haɗe reshe, an rage mu tara, takardata ba tabo. Shi ke nan, ka wuce. Abin da ka yi ranar Asabar shi ne ka ba jimla ɗaya minti biyar, abin da ya kamata ya ji kuma ko ambatonsa ba ka yi ba. Ka faɗa masa ma kana son aiki a Dawanau?

Abban Hanif: Hajiya wallahi ban faɗa ba. Na ɗauka zai gane da kansa.

Hajiya Maman Ilham: To ka gani. Ya ji mutum cikin damuwa, ya yi abin da ake yi wa mai damuwa. Bai yi laifi ba. Rubuto mana nan abin da za ka ce in Allah ya sake haɗa ku, mu gyara tare.

Sadiya K.: Yaya Abban Hanif in jari kake nema akwai wata harka da nake yi ta kayan gyaran jiki, da dubu ashirin za ka shiga, kana kawo mutum uku ka fara samu. Ka yi min magana ta gefe.

Nura Gwammaja: Sadiya ba jari ya ce yana nema ba, ki sake karantawa.

Abban Hanif: Na gode Sadiya, ba wannan ba ne. Hajiya ga abin da na rubuta: "Alhaji, ni ƙwararren ma'aikacin banki ne mai gogewar shekara takwas, na iya kwamfuta, ina da gaskiya da riƙon amana da haƙuri da jama'a, kuma zan iya kowane irin aiki aka ba ni." Amma ni kaina da na karanta sai na ji nauyi. Kamar ina yabon kaina a gaban sa'an mahaifina.

Malam Habu Mai Sikeli: Bari in sa baki, don ni a Dawanau nake kwana nake tashi, shekara sha huɗu ina kan sikeli a sito. Ɗan uwa, wannan da ka rubuta kowa ma haka yake cewa. Yaron da ya gama sakandare jiya ma zai ce yana da gaskiya da amana. "Kowane irin aiki" kuma ita ce mafi muni, don ka ɗora wa Alhaji aikin tunanin inda zai sa ka, shi kuwa ba shi da wannan lokacin. In bai ga gurbinka nan take ba, zai ce za a duba, magana ta mutu.

Ka san ciwon kan masu sito? Bari in ba ka misali yadda abin yake. Kaka ta yi, Alhaji ya tura wa yaransa kuɗi ƙauyuka, wannan a Maigatari, wancan a Gumel, wani can wajen Bauci. A ce ya tura wa mutum ɗaya kuɗin tan goma na riɗi. Mota ta iso, mu ɗora a sikeli, mu ga tan tara da kilo ɗari bakwai. A kai injin tacewa a fitar da ƙasa da tsakuwa da ƙaiƙayi, ya sake raguwa. Ga kuɗin mota, ga na 'yan dako, ga na buhu, ga la'adar dillali, wani an biya ta waya, wani a hannu. Bayan wata biyu Alhaji ya zauna yana son sanin nawa kilo ɗaya ya tsaya masa daga wajen kowane yaro, da wanda kayansa ke yawan zuwa da ƙasa, da wanda har yanzu akwai canji a hannunsa. Sai a ɗauko littafi uku da ba su yarda da juna ba, da saƙonnin waya. Nan rigima ke tashi, har zumunci ya ɓaci, don yawanci yaran nan 'yan uwansa ne.

Aikin da ka yi shekara biyar a banki shi ne maganin wannan. Amma in ka kira shi da sunan da kuke kiransa a ofis, ba wanda zai gane. Ka ce masa: kuɗin da ya fita da buhun da ya shigo, ni nake haɗa su su yi daidai, kullum, kafin a rufe sito.

Abban Hanif: Malam Habu Allah ya saka da alheri. Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Ni tunanina a kan abin da na rasa yake, ban tsaya na duba abin da shi yake rasawa ba.

Malam Auwalu na Islamiyya: Game da nauyin da kake ji, ina ganin akwai bambanci tsakanin yabon kai da bayanin aiki. Annabi Yusuf, alaihis salam, da kansa ya ce wa sarki a sa shi kula da taskokin ƙasa, ya kuma faɗi siffa biyu kawai, cewa shi mai tsarewa ne, masani. Yana cikin Suratu Yusuf, aya ta 55. Bai tsaya ba da labarin rijiya da kurkuku a wannan gurin ba, alhali an zalunce shi fiye da kowa a cikinmu. Ya faɗi aikin da yake so, ya faɗi dalilin da ya sa ya dace da shi. Abin da ake ƙi shi ne mutum ya faɗi abin da ba shi da shi, ko ya faɗa don taƙama.

Hajiya Maman Ilham: Madalla Malam. Ni kuma dabarar da nake koya wa ƙannena ita ce su bar siffa su faɗi abin da ya faru. "Ina da amana" yabo ne, kuma da nauyi a baki. "Shekara biyar ina rufe lissafin reshe kullum, ba a taɓa kirana kan kuɗi sun ɓata ba, manajana na nan za a iya tambayarsa" labari ne, kowa zai iya bincikawa. Na biyun ya fi sauƙin faɗa a gaban babba, kuma ya fi shiga kunne. Amma Abban Hanif, sai in gaskiya ne. In an taɓa samun giɓi, kar ka ce ba a taɓa ba. Kuma ka kira manajan tun yanzu ka nemi izininsa, kar a kira shi ba shiri ya ce wane Abban Hanif.

Wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. Maganar nan da muke gyarawa, yawanci ba kai za ka faɗe ta a inda za a yanke hukunci ba. Alhajin nan wataƙila ba ya buƙatar akawu, ɗansa ke riƙe masa. Amma bayan la'asar yana zama da masu sito biyar ko shida. In ɗayansu ya yi ƙorafin lissafi, Alhaji zai iya cewa, "Akwai ɗan marigayi wane, ya yi banki, aikinsa ke nan haɗa kuɗi da kaya." To ka auna maganarka da wannan: dattijo mai shekara sittin da biyar zai iya maimaita ta bayan sati biyu, ba takarda a hannunsa? In ba zai iya ba, ta yi tsawo.

Abban Hanif: To ga gyara. "Alhaji, banki nake, shekara takwas, an haɗe reshenmu aka rage mu tara, na fito lafiya ba tabo. Aikina can shi ne haɗa lissafi kullum, kuɗin da ya shiga da wanda ya fita. Yanzu so nake in yi wa masu sito irin wannan, in haɗa kuɗin da aka tura ƙauye da buhun da ya iso. In Alhaji ya ba ni izini in zo sito in gaishe shi, in ji shawararsa."

Malam Habu Mai Sikeli: Yauwa. Wannan in ni aka faɗa wa zan tsaya. Na karanta da baki, ko rabin minti bai kai ba. Ƙarshen ya fi burge ni, don ba ka ce ya ba ka aiki ba. In ka ce a ba ka aiki a tsakiyar taro, ka sa shi a tsaka mai wuya: ya ce a'a a gaban mutane ya ji kunya, ya ce to ya yi ƙarya. Izinin zuwa gaisuwa kuwa ba dattijon da zai hana.

Nura Gwammaja: Ni har yanzu "an rage mu" ɗin nan ba ta kwanta min ba. Me zai hana ya fara da abin da ya iya, in an tambaye shi dalilin barin banki sannan ya faɗa? Kalmar farko ita ke zama a kunne.

Hajiya Maman Ilham: A intabiyu na ofis zan yarda da kai Nura, a fara da abin da aka iya. Amma nan tambayar da aka yi masa ita ce "ina kake", kuma mai tambayar ya san yana banki. In ya tsallake, Alhaji zai ji an kauce masa. Ban ce dole haka ne a ko'ina ba.

Nura Gwammaja: To Hajiya, kowa da yadda ya gani. Ni da na bar koyarwa na koma harkar sola ban taɓa ce wa kowa albashi ne ya gagara ba, kuma ban ga ta cutar da ni ba.

Ummu Sultan: Don Allah ku ba ni dama in shigo da tawa, don ni ma abin ya shafe ni. Na karanta aikin akawu, na yi bautar ƙasa a 2016, na yi aiki shekara biyu, sai aure da haihuwa, shekara shida ina gida. Yanzu ina son komawa. Ku maza kuna da ɗaurin aure da masallaci da majalisa. Ni ina zan haɗu da Alhajin? A gidan suna in na ce ina neman aiki, sai a ce mijinki ya gaza ne. Hajiya ya zan yi da shekara shidan nan?

Hajiya Maman Ilham: Ƙanwata, shekara shida jimla ɗaya ce ita ma: na tsaya renon yara, yanzu sun shiga makaranta, na shirya komawa. Kar ki ba da haƙuri a kai. Abin da mai ɗauka ke tsoro shi ne hannunki ya yi sanyi, don haka ki nemo abu ɗaya na kwanan nan da za ki nuna. In kina riƙe littafin adashin unguwa ko lissafin shagon wata, wannan aiki ne, ki faɗi mutum nawa ne da wata nawa kika riƙe. Gidan sunan kuma kar ki raina shi. Masu makarantun kuɗi da masu kemis da masu gidan abinci mata ne da yawa, kuma can suke zuwa. Ba a tsakar gida za ki faɗa ba, ki samu wadda kike so a gefe ki karɓi lambarta. Amma batun abin da dangi za su ce, wannan ba ni da maganinsa, ke da maigidanki za ku fara daidaitawa.

Ummu Sultan: Shi ba ya hanawa. Mahaifiyarsa ce ba ta so. Zan dai gwada.

Malam Habu Mai Sikeli: Abban Hanif, saura gargaɗi ɗaya, kuma ka riƙe shi da kyau. In ka je sito za a ja ka da hira. Wani zai ce, ai wane a reshenku yake ajiya ko, yaya harkarsa? Kar ka kuskura. Ko sunan kwastoma kar ka tabbatar, balle abin da ke asusunsa. Wani da gangan yake tambaya don ya ga bakinka. Wanda ya faɗi sirrin wani yau, gobe nasa zai faɗa, haka za su lissafa. Ka ce, "Alhaji wannan amanar aiki ce," ka yi murmushi. Wannan amsar kaɗai ta fi duk takardun da za ka ɗauko.

Sannan lokaci. Riɗi na fara shigowa sosai daga wajen Oktoba, zoɓo na biyo baya. In kaka ta kankama ba mai sauraronka, kowa na kan mota da sikeli. Yanzu da ake da sauran makonni ne lokacin zuwa. Ka je da hantsi, kar ka je da yamma lokacin lodi.

Abban Hanif: Na ji Malam. Amma dubu goman nan fa? Ina jin kunyar komawa wajensa, kamar na dawo a ƙara min.

Malam Auwalu na Islamiyya: Ita ce ma ƙofarka. Ka je godiya. Zumunta a ƙafa take. Ka ce ka zo ka gode, sannan ka ce ranar nan ba ka samu ka faɗi abin da ke ranka ba saboda taro. In ya sake sa hannu a aljihu, ka ce, "Baba, wancan ma ya isa, shawara na zo nema."

Hajiya Maman Ilham: Kuma kar ka rataya komai a wuyan mutum ɗaya. Zauna ka rubuta sunan mutum goma sha biyar da suka san aikinka da idonsu, ko suka san gidanku: tsofaffin abokan aiki, 'yan ajinku, maƙwabta masu kasuwa. Lambobin da ka sani ta hanyar takardun banki ba sa ciki, waɗannan ba naka ba ne. Uku a sati ya isa. Kowa ka faɗa masa magana iri ɗaya, don in biyu suka haɗu su ji abu ɗaya. Kafin ka tashi ka tambayi kowannensu, wa kake ganin ya kamata in gani? In ya ambaci suna, ka roƙe shi ya kira mutumin ko ya tura masa saƙo kafin ka je. Zuwa da "wane ne ya turo ni" daban yake da zuwa kai kaɗai. Bayan ka je kuma ka koma ka faɗa wa wanda ya tura ka yadda aka yi. Yawancin mutane nan suke yankewa, shi ya sa ba a sake tura su.

Abban Hanif: Salam 'yan uwa, na dawo da bayani bayan kwana tara. Na je ranar Talata da hantsi. Na yi godiya, na faɗi maganar kamar yadda muka gyara, sai dai muryata ta ɗan rawa a wajen "an rage mu". Ya yi shiru, ya ce me ya sa ban faɗa masa haka tun ranar ba. Kamar yadda Hajiya ta hango, ɗansa ke riƙe masa littafi. Amma ya kira wani maƙwabcinsa mai sito biyu a gabana, ya ce masa, "Ga ɗan aminina, ya yi banki, yana haɗa kuɗi da kaya." Kusan kalmomina ya maimaita.

Na je wajen mutumin jiya. Ya tambaye ni wani ɗan kasuwa ko a reshenmu yake, na ba shi amsar Malam Habu, ya yi dariya ya bar zancen. Ya ɗauko littattafan bara guda biyu ya ce in zauna sati biyu in fitar masa da abin da kowane yaronsa na ƙauye ya karɓa da abin da ya kawo. Bai ambaci ko nawa zai biya ba, ni ma ban tambaya ba. In karɓa a haka?

Nura Gwammaja: Kar ka fara sai an yi ciniki. Sati biyu aiki ne. In ka yi kyauta yau, haka za a saba maka, kuma lissafin bara in ka gyara masa ya samu abin da yake so, zai iya cewa na gode ya sallame ka.

Malam Habu Mai Sikeli: Nura, a kasuwa ba haka ake shiga ba. Mutum ya buɗe maka littafinsa, abin da ko ƙaninsa bai gani ba, wannan gwaji ne. In ka fara da nawa za a ba ni, zai rufe. Ni dai na ce ya yi, amma ya tsaya a kan sati biyun, ranar da zai miƙa aikin ya yi maganar albashi, kuma ya sanar da Alhajin da ya kai shi cewa sati biyu aka ce.

Hajiya Maman Ilham: Ni ina tsakiya. Ba sai ka yi ciniki ba, amma kuɗin mota daga gida zuwa Dawanau kullum ba wasa ba ne ga wanda ya yi wata bakwai ba albashi. Ka ce masa, "Alhaji zan yi, sai dai a taimaka min da na mota." Yadda zai amsa wannan zai nuna maka irin uban gidan da zai zama. Kuma in ka gano giɓi a hannun wani yaronsa, kar ka faɗa a gaban kowa, kar ka kira shi sata. Ka nuna masa lambobin shi kaɗai, wataƙila ɗan 'yar uwarsa ne.

Abban Hanif: Na gode ƙwarai. Gobe Asabar zan kira shi in yi maganar kuɗin motar, Litinin in fara in Allah ya yarda. Malam Habu, in ba damuwa zan biyo ta wajenka da safe ka nuna min yadda kuke rubuta nauyi kafin tacewa da bayan tacewa, don a littafin nasa na ga wani wuri an rubuta buhu, wani wuri kilo, ban san kilo nawa buhunsu ke ɗauka ba.

Malam Habu Mai Sikeli: Ka zo kafin ƙarfe tara. Buhun ba ɗaya ba ne, ya danganta da garin da aka ɗauko, shi ya sa littafin ya rikice. Ka taho da littafin in ya yarda ka fito da shi, in bai yarda ba ka kwafo shafi ɗaya ba tare da sunaye ba.